Masu Gemun Aji Uku

Shekarar da nake aji biyu na babbar sakandare aka ɗora min rubuta wutsiyar wani rahoto, kuma tun daga lokacin in na ji an ce "masu ruwa da tsaki" sai in fara neman ƙofar fita.

Wata ƙungiya ce ta zo makarantarmu a Birnin Kebbi tana neman ɗalibai masu baki. Wai ana so matasa su je da kansu su ga ko abincin da ake ba 'yan firamare ya ƙara yawan yaran da ake sawa makaranta, su rubuta rahoto, su karanta a gaban manya. Da aka ce masu baki, duk ajinmu suka juyo suka kalle ni, har da waɗanda suke barci. Aka haɗa ni da ƙawata, 'yar mai shagon kayan gyaran mota, wadda iyayenta suka zo daga kudu tun kafin a haife ta. Hausarta ta fi tawa kaifi, musamman wajen zagi, kuma tana son lissafi irin son da ya kamata a kai mutum asibiti a kansa. Ita aka ba ƙidaya da jadawali. Ni aka ba babin ƙarshe, wato kammalawa da shawarwari. Malamarmu ta Turanci ce mai sa mana ido, sai kuma Kodinetan ƙungiyar, wani mai turaren da ke riga shi shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin shi ya iso.

Na yi murna da nawa rabon. A tunanina babin ƙarshe wurin hutawa ne: ka ce an gode Allah, gwamnati ta yi ƙoƙari, a ƙara ƙoƙari, ka rufe. Malama ta cire min wannan tunanin tun a mota, muna hanyar Argungu.

"Kammalawa ba wa'azi ba ce," in ji ta. "Ba ki da ikon kawo komai sabo a cikinta. Abin da ƙidayar ƙawarki ta nuna, shi za ki tattara ki ce ga amsar tambayar da muka fito da ita. Shawara kuma, kowace ɗaya sai ta faɗi wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma daga wane sakamako ta fito. Wadda ba ta da uba a cikin sakamako, zan soke ta."

"Malama, in na ce Allah ya sa albarka fa?"

"Wane sakamako ne ya nuna haka?"

Makarantu kaɗan muka zagaya a yankin Argungu, amma wadda ta tsaya min a wuya tana wani ƙauyen masunta gaba da Gulma, bakin fadama. Hedimastan dattijo ne siriri, da alli a bayan kunne. Ya tarbe mu da ruwan randa, ya ce mu fara da aji ɗaya.

Aji ɗaya cike yake har taga. Akwai yaran da ko tafiya ba su gama koya ba, yayyensu sun goyo su sun zo da su da ɗan kwano a hannu. Ɗaya na tsotsar yatsa yana kallon allo kamar allon ya ci masa bashi. Aji biyu ma haka. Sai muka shiga aji uku, na ja da baya na nemi cire takalmina, don na ɗauka taron magidanta muka faɗa. A layin baya akwai samarin da gwiwoyinsu suka ɗaga benci sama. Wani ya ce mana sannu da zuwa da muryar da ta girgiza kwanon rufi. Na rantse akwai mai gemu. Ƙawata ta ce gashi uku ne kawai, amma ita komai sai ta ƙirga.

Daga nan aji huɗu. Ɗaki ne babba, mai iska, da yara 'yan kaɗan a warwatse kamar an zubar da gyaɗa, da akuya kwance kan teburin malami tana tuƙa. Aji biyar da shida kuwa an haɗe su ɗaki ɗaya, duk da haka kowa na iya miƙe ƙafa ya yi barci.

Da lokacin tara, wato hutun cin abinci, ya yi, mai dafa abinci ta iso da kuloli a baro, shinkafa da wake da ɗan mai. 'Yan aji ɗaya zuwa uku suka yi layi. 'Yan aji huɗu suka fito baranda suka tsaya, hannuwa a baya, suna kallo. Ba su roƙa ba, ba su matsa kusa ba, kallo kawai. Wata yarinya a cikinsu tana haɗiye yawu, wuyanta na motsi, ƙaninta na can yana lashe kwano. Ni da na zo da niyyar tsokana sai na kau da kai na bi bayan Hedimasta.

A ofis Hedimasta ya yi mana bayani ba tare da ɓoye komai ba.

"Tsarin haka yake, ɗiyata. Abinci daga aji ɗaya zuwa uku anka ce. Yaro ya ci jarrabawa ya tahi aji huɗu, ladarsa ita ce a ɗauke mai kwano. To mi kike so uwaye su yi? Wasu su zo su ce, Malam, bar muna shi aji uku. Waɗanda munka tura gaba kuwa, rabinsu suna fadama suna korar tsuntsu, ko suna cikin jirgi da ubansu."

"Kai kuma sai ka bar su, Baba?" in ji ƙawata.

"Awo. Gara in gan shi nan yana maimaita abin da ya sani, da in gan shi bakin gulbi. Malamin aji ukun ma yana ba su aikin aji huɗu a gefe." Sai ya dube ni, don an gaya masa ni ce mai babin ƙarshe. "Ke ce za ki rubuta abin da manya za su karanta, don su ƙarshe kaɗai suke karantawa. Rubuta gaskiya, ban hana ki ba. Amma ki rubuta ta yadda ba za a ɗauke wa yaran nan kwano ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na faɗe shi da ƙarfin gwiwar wadda ba ta taɓa shiga ofishin gwamnati ba.

Da muka dawo gida, ƙawata ta jera ƙidayarta aji-aji: sunayen da ke rajista kafin a fara ciyarwa da na yanzu, da kawunan da muka ƙirga da safe, da waɗanda muka sake ƙirgawa bayan an ci abinci. Jimilla ta hau, babu shakka. Amma hawan duk a ƙasa yake. Aji ɗaya zuwa uku sun kumbura, aji huɗu zuwa sama sun motse, kuma a cikin kumburin akwai masu maimaitawa da ƙananan da shekarunsu ba su kai ba. Bayan tara ma wasu kan sulale. Ba a makarantar Hedimasta kaɗai ba, sauran ma akwai alamar haka, nasa ne dai ya fi fitowa fili.

Na zauna a tsakar gidanmu a Gwadangaji ina rubutu ina yagewa, har Innata ta ce in na gama da littafin makaranta in zo ta ba ni buhun siminti in ci gaba. Na farko da na kai wa Malama ta soke rabinsa da jan biro. Na rubuta cewa ciyarwa ce ta jawo ƙarin yara, ta ce ban tabbatar ba, abin da na gani shi ne ƙarin ya zo bayan an fara ciyarwa kuma iyaye da malamai sun danganta shi da ita, in faɗi haka. Na rubuta "duk makarantun jihar nan", ta ce nawa na je? Na rubuta cewa wanda ya tsara a tsaya a aji uku bai taɓa jin yunwa ba, ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta soke.

Abin da ya tsira gajere ne. Kammalawar ta ce a makarantun da muka ziyarta yawan yara ya ƙaru a azuzuwan da ake ciyarwa, amma ba duka ne sababbin shiga ba, kuma tsayar da abinci a aji uku na sa yara ko dai su maƙale a nan ko su bar makaranta. Shawara ta farko: hukumar da ke biyan kuɗin ciyarwa ta kai abincin aji huɗu a waɗannan makarantu daga zango mai zuwa, a gwada a gani. Ta biyu: kafin a yi haka, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kada ya tilasta a fitar da masu maimaitawa daga aji uku, a dai rubuta su daban don ƙidaya ta fito daidai. Ta uku: masu duba makarantu su riƙa ƙirga yara bayan tara, ba da safe kaɗai ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin ta biyun. Ita ce alkawarina.

Muka kai wa Kodineta a ofishinsu da ke wajen Gesse. Ya karanta yana taɓe baki kamar an ba shi kunun da ya kwana.

"Ƙanwata, kin yi ƙoƙari, amma ba haka ake yi ba. Ina da kammalawa a shirye." Ya juyo mana da kwamfutarsa. "Wannan na sa a rahoton rijiyoyi, na sa a na gidan sauro, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Kalma biyu kawai ake canzawa."

Na karanta. Wai shirin ya samu gagarumar nasara. Wai akwai buƙatar ƙara wayar da kan al'umma. Wai masu ruwa da tsaki su haɗa hannu. Wai a shirya taron bita na kwana uku a otal. Na duba sama na duba ƙasa, babu yaro ko ɗaya a ciki, balle kwano.

"Yallaɓai, wa za a wayar wa kai? Yaran sun san inda shinkafar take, shi ya sa suka ƙi motsawa."

"Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake magana da manya ba. Babba ba ya son a nuna masa aiki da yatsa."

"Kuma yaushe ka rubuta ta?" in ji ƙawata.

"Tun kafin ku tafi."

"To da ka gaya mana, da ba mu sha rana ba. Dubi yadda na koma kamar gawayi, babana ya kusa hana ni shiga shago."

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sunanta na kan rahoton a matsayin mai duba aiki, kuma ba za ta sa hannu a kan kammalawar da ba ta san babin da ke gabanta ba. In yana so ya sa tasa, ya cire sunanta da na makarantarmu. Kodineta ya shafa agogo, ya ce to, ai shi ma yana son muryar matasa. Muka fito ina taku kamar na ci zaɓe. A keke mai ƙafa uku har na ce wa ƙawata ta fara kirana Hajiya Kwamishina.

Ranar taron aka cika wani zaure mai sanyin na'ura. Manyan riguna a gaba, hedimastoci a baya, namu yana can kusa da ƙofa da hularsa ta zuwa birni. An ce ƙarfe tara, babban baƙo, wani Darakta daga ma'aikatar ilimi, ya iso ana shirin kiran azahar. Aka yi addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya zo gyaran lasifika, aka yi jawabin maraba, aka yi jawabin godiya ga mai jawabin maraba. Ƙawata ta nuna jadawalinta, mutane na danna waya. Daidai lokacin da aka kira ni, sai ga masu rabon abinci sun shigo da robobi.

Ban taɓa ganin zaure ya farka haka ba. Mutanen da na ɗauka sun rasu a kujera suka miƙe zaune. Ina karanta cewa yara na tsayawa a baranda suna kallon ƙannensu na ci, wani mai babbar riga a layin gaba yana kokawa da cinyar kaza, mai na bin gwiwar hannunsa. Wani ya ɗaga hannu, na yi murna na ɗauka tambaya ce, ashe lemo ne bai samu ba. Wata Hajiya ta zura roba biyu a jaka, ta karɓi ta uku da fuskar wadda ba a ba komai ba. Ƙarar tauna ƙashi ta fi lasifikata ƙarfi. Na ci gaba da karatu a haka har na kai ƙarshe.

Amma Darakta ya saurara. Wannan ne abin da ya fi ɓata min rai daga baya, da ma shi ma kazar ya bi. Da na gama ya goge hannu, ya jawo makirfo.

"Ɗiyarmu ta yi aiki, a tafa mata." Aka tafa da hannuwa masu maiƙo. "Shawara ta farko, kai abinci aji huɗu, magana ce ta kasafi, kuma ba a teburina take ba. Za mu tura sama. Ta uku, ƙirga yara bayan tara, za mu duba. Amma abin da ya tayar min da hankali shi ne wannan binciken, cewa akwai ƙattin da suka gama aji uku suna zaune suna cin abincin da ba nasu ba. Wannan ba ya buƙatar kasafi. Daga farkon zango mai zuwa, duk wanda ya ci jarrabawa a tura shi ajinsa. A tsaftace rajista."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shawara ta biyu ta ce kada a yi haka sai an..."

"Na gani, ɗiyata, har da layi biyu. Shawara ce ai, ba doka ba. Ku kun kawo mana sakamako, mu muka san abin da za a yi da shi."

Malama ta miƙe ta ce sakamakon da shawarar tare suke tafiya, in aka tura yaran aji huɗu babu abinci, ƙidayar da kanta ta nuna inda za su ƙare. Darakta ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya ce Malama ta kawo magana mai muhimmanci, za a kafa kwamiti. Mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, a tashi a yi hoto. Aka jawo ni tsakiya aka ba ni rahoton in riƙe a ƙirji. A hoton nan kowa na murmushi, ni kaɗai na yi kama da wadda ta taka kashin kare.

Kodineta ya same ni a bakin ƙofa yana sakace haƙori.

"Kin gani ko, ƙanwata? Da tawa aka karanta, da yanzu kowa ya tafi gida lafiya, yaranki na cin shinkafarsu. Tawa ba ta taɓa cutar da kowa ba."

Ƙawata ce ta ce masa tasa ba ta taɓa cutar da kowa ba don ba ta taɓa taɓa kowa ba, amma ko ita muryarta ba ta fito da kaifin da ta saba ba. Abin ƙyamar shi ne ta wani gefen yana da gaskiya, kuma ya san yana da ita, yana ta murmushi da tsinke a baki.

Hedimasta na tsaye a bakin titi yana jiran abin hawa zuwa tashar Argungu. Na so in bi ta bayan motoci in gudu, Malama ta riƙe min hannu ta ja ni har gabansa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, na rubuta. Wallahi na rubuta kada a taɓa su."

"Na jiya, ɗiyata. Kunnena biyu. Ba ki yi ƙarya ba, kuma ba ki ci amana ba." Ya gyara hula. "Su sunka zaɓi wadda ba ta cin kuɗi."

Malama ta ce za ta rubuta wa ofishin ƙaramar hukuma, ta haɗa da shawara ta biyu da jadawalin, ta kai da kanta. Ya ce Allah ya saka, amma umarni daga sama yake saukowa, takarda kuwa daga ƙasa take hawa, kuma ya san wanda ke riga wani isowa. Babu zafi a muryarsa, kamar yana faɗin farashin gero.

Keke ya tsaya. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya juyo.

"Ke da kin iya jera magana, taimake ni da abu guda. Ranar da anka dawo daga hutu zan shiga aji uku in kira sunaye. Mi zan ce masu? In ce sun ci jarrabawa, ina taya su murna?"

Mai keke ya ce Baba a shiga ko a sauka, rana na yi. Ya shiga, ya ɗora nasa kwafin rahoton a cinya, suka tafi.